Buhun kuɗi uku a kan rago goma sha biyu: yadda tallan wani mai turka a Daura ya yi kama da damfara

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, mazaunin cikin garin Daura. Abin da yake ci da shi kullum shagon cire kuɗi ne da sayar da katin waya, amma shekara huɗu ke nan yana turka raguna a bayan gidansu. Yakan sayi masu ƙashi amma ramammu a kasuwar Mai'aduwa wajen wata uku kafin Babbar Salla, ya ba su maganin tsutsa, ya ɗora su kan dusa da kowar wake da harawa, ya sayar ana jibi ko gobe Salla. Bai taɓa wuce rago shida ba, domin iyakar jarinsa ke nan.

A farkon 2025 ya ƙara faɗin garken ya yi rumfa, ya ga wurin zai ɗauki ashirin. Layya za ta faɗo a farkon watan Yuni, saboda haka ya kamata raguna su shiga turke a farkon Maris. Lissafin da ya rubuta a littafinsa shi ne naira 200,000 a kan kowane rago: 140,000 kuɗin saye, 50,000 abinci na wata uku, 10,000 magani da mota da la'adar dillali. Yana da kuɗin shida. Yana neman masu saka kuɗin goma sha huɗu, a raba riba.

Sana'ar ta gaskiya ce, garken yana nan, ragunan bara ma akwai waɗanda suka ci namansu a unguwar. Wannan nazari ya bi saƙonnin da ya aika daga Janairu zuwa Yuni, da amsar da kowanne ya jawo.

## Tsakiyar Janairu 2025: saƙon farko

Bai zauna ya tsara saƙon daga kansa ba. Ya kwaikwayi salon tallace-tallacen da yake gani a zaurukan WhatsApp, yana ganin haka ake yi a zamanin nan. Ga abin da ya aika:

> 💰💰💰 DAMA TA SAMU 💰💰💰
> Zuba jarinka a kiwon ragunan Salla 📈📈
> Riba mai tsoka cikin wata uku kacal 💰
> Gurbi kaɗan ya rage, yi sauri 🤝
> Tuntuɓe ni ta sirri

Ya ɗora shi a sitatus, ya jefa shi a zaure uku, ciki har da na tsofaffin ɗaliban makarantarsu, sannan ya haɗa jerin aikawa na bai ɗaya, wato `Broadcast list`, mai suna 240. Jerin ba ya ɗaukar fiye da 256, kuma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Wajen casa'in daga cikin saƙonnin suka tsaya a alamar tafiya guda ɗaya, ba su isa ba.

Cikin mako guda mutum bakwai suka amsa. Uku ba su rubuta komai ba, kiransa suka yi su ji muryarsa, suna tambaya ko an sace masa WhatsApp. Yayarsa da ke aure a Katsina ta ce masa, “Ƙanina, kai ne ka rubuta wannan ko an ƙwace maka layi? Har na gaya wa maigidan kada ya tura komai.” Wannan zargi yana da tushe. Sananniyar hanya ce a Najeriya: a kira mutum a yaudare shi ya karanto lamba shida da aka turo masa ta tes, a ƙwace asusunsa, sannan a shiga aika wa danginsa da zaurukansa tallan zuba jari da sunansa. Wanda kullum yake rubuta “Salamu alaikum, ya gida” ba ado, ranar da aka ga buhunan kuɗi bakwai sun fito daga lambarsa, abin da zai fara zuwa zuciya ke nan.

Mutum biyu kuma tambayarsu iri ɗaya ce: in na saka dubu hamsin nawa zan cira, kuma kwana nawa? Ɗaya har ya tambaya ko akwai kamasho in ya kawo mutane. Ba wanda ya tambayi irin ragon, ko Uda ne ko Balami, ko inda garken yake. Na shida abokinsa ne da ya turo fuskar dariya. Na bakwai shugaban zauren tsofaffin ɗalibai, wanda ya goge saƙon ya rubuta masa cewa dokar zaure ta hana tallan “irin waɗannan harkokin”.

Bayan kwana goma wani ya nuna masa saƙon ya zagayo wani zaure da alamar `Forwarded many times` a samansa, kuma a ƙasa an liƙa lambar waya wadda ba tasa ba. Babu abin da wanda ya yi hakan ya goge, domin babu sunan mai garken a ciki, babu sunan gari, babu komai da ya ɗaure saƙon da mutum ɗaya. Layi guda kawai ya ƙara.

Jarin da ya shigo: babu.

## Ƙarshen Janairu: ƙara hujja

Ya ɗauka matsalar rashin tabbaci ce, sai ya ƙara. Ya bar alamomin yadda suke, ya sa wasu layuka: “100% halal ✅”, “BA DAMFARA BA NE”, da alkawarin cewa wanda ya zuba 200,000 zai karɓi 260,000 ranar Salla, ba fashi. Ya haɗa da hoton alat na kuɗin da suka shigo masa a Sallar bara, da hoton takardar rajistar sunan shagonsa ta CAC.

Wannan karon mutum biyu suka toshe lambarsa, kuma wani ya gargaɗe shi cewa ya daina, kada a kai ƙararsa a rufe masa asusu. In mutum ya danna `Report`, saƙonni biyar na ƙarshe da ka aika masa suna tafiya wajen WhatsApp, kuma asusun da ake ta kai ƙararsa yana iya rufuwa. Ga mai shagon cire kuɗi da abokan cinikinsa suke nemansa ta wannan lambar, ba ƙaramar asara ba ce.

Wani abokinsa ma'aikacin banki a Katsina ya zauna da shi ya bi saƙon layi-layi. Dubu sittin a kan dubu ɗari biyu kashi 30 cikin ɗari ne, kuma ko da yake nasa na wata uku ne, wannan adadi ba baƙo ba ne a kunnen 'yan Najeriya: kashi 30 a wata shi ne alkawarin MMM, wadda ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016. Hoton alat shi ne hujjar da kowane shirin karɓa-ka-biya-na-baya yake yaɗawa, kuma ana iya ƙirƙirarsa a waya. Takardar CAC tana nuna an yi rajistar suna ne kawai, ba lasisin tara jarin jama'a ba ce. Wannan hurumin SEC ne, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, kuma mai jefa gayyatar zuba jari ga duk wanda ya gani, da alkawarin riba tsayayyiya, ya kusanci wannan hurumi ko bai sani ba. Game da “ba damfara ba ne” kuwa, abokin ya tambaye shi ko ya taɓa jin mai sayar da dusa ya fara magana da haka.

Jarin da ya shigo: babu.

## Makon farko na Fabrairu: share alamomin

Daga nan ya yanke cewa emoji ne suka jawo masa. Ya koma saƙon farko, ya goge kowane hoto, ya mayar da manyan haruffa ƙanana, ya sake aikawa. Abin da ya rage shi ne: dama ta samu, zuba jarinka a kiwon ragunan Salla, riba mai tsoka cikin wata uku, gurbi kaɗan ya rage, tuntuɓe ni ta sirri.

Ba wanda ya kira yana tambayar ko an sace masa waya, ba wanda ya toshe shi. Masu neman ninki ma ba su sake leƙowa ba. Amma ba wanda ya saka kuɗi. Mutum ɗaya ya amsa da “Allah ya ba da sa'a”. Da aka ɗauke hotunan sai saƙon ya zama layi biyar da babu adadi ko ɗaya a cikinsu in ban da “wata uku”.

## Tsakiyar Fabrairu: zama da kawu da malam

Saura mako biyu lokacin saye ya yi, ya kai maganar wajen kawunsa, dattijo mai harkar hatsi wanda ya daɗe yana juya kuɗin mutane. Kawun ba ya karatun boko sosai, sai da aka karanta masa, aka nuna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya kan buhun kuɗin ya tambaya, “Wannan nawa ne a ciki?” Aka ce ba a faɗa ba. Ya nuna layin da ke hawa, “Wannan daga nawa ya tashi zuwa nawa?” Aka ce hoto ne kawai. Ya nuna hannayen biyu, “To wannan da wa kuka sha hannu?” Yaron ya ce, “Kawu, ai ado ne.” Dattijon ya ce, “Ɗana, cinikin biri a sama kake kira mutane su yi. Ni kawunka ne, amma da wannan ba zan ba ka ko kuɗin harawa ba.”

Shi ne ya tura shi wajen malamin unguwa, saboda kalmar halal da ya rubuta. Malam ya yi masa bayanin ƙiradi yadda yake a fiƙihu: ɗaya ya kawo jari, ɗaya ya yi aiki, riba a raba ta da kaso sananne kamar rabi ko sulusi. Ba a yanka wa mai jari adadi tsayayye, kuma ba a lamunce masa uwar kuɗi. In asara ta zo ba da sakacin mai aiki ba, a kan jari take faɗawa, shi kuma mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Wato alkawarin 260,000 ba fashi, wanda ya rubuta “halal” a kansa, shi ne ainihin abin da ke ɓata ƙiradin.

Da wannan ya sake rubutu. Bai yi amfani da jerin bai ɗaya ba, bai shiga zaure ba. Ya zaɓi mutum 23 da suka san shi suka san gidansu, ya aika wa kowa daban, yana farawa da gaisuwa da sunan da yake kiransa, Yaya ko Baba ko Alhaji, sannan saƙon murya na minti ɗaya, sannan wannan:

> Bana ina son turka rago 20 a garken bayan gidanmu. Shida da kuɗina ne, ina neman masu shiga 14.
> Kaso ɗaya naira 200,000: saye 140,000, abinci 50,000, magani da mota da la'ada 10,000.
> Za a saya a Mai'aduwa farkon Maris, a sayar makon Salla.
> Riba rabi nawa, rabi na masu jari. Ba na yi alkawarin adadi.
> Rago yana mutuwa, kasuwa tana faɗuwa. A shekara huɗu na yi riba sau uku, sau ɗaya da ƙyar jari ya dawo.
> Asara ba da sakacina ba ta jari ce, ana raba ta kan kowane kaso daidai.
> Za a rubuta takarda a gaban Kawu da Malam. Kada a turo kuɗi sai an zo an ga garke, ko an aiko wanda zai gani.

Da saƙon ya haɗa hoton shafi huɗu na littafinsa, inda ya rubuta saye da sayarwa na kowace shekara da hannunsa, har da shekarar da abin bai yi ba. Emoji ɗaya ne ya saka a duk saƙon, hoton rago 🐏 a ƙarshen layin farko.

Cikin kwana tara mutum goma sha biyar suka zo ko suka aiko. Tambayoyinsu sun sha bamban da na Janairu: wa ke kwana da su da dare, ina za a sami harawa in ta yi tsada, an yi musu allurar rigakafi, yaya za a bambanta nasa da na mutane. Takwas suka saka hannu a takarda, suka ɗauki kaso goma sha biyu. Yayarsa ta Katsina tana cikinsu da kaso ɗaya, kawun da biyu. An shafa wa na masu jari shuɗin fenti a ƙaho.

## Farkon Maris: shan hannun da ba ciniki ba

Kaso biyun da suka rage sun tafi ne a kan emoji, wannan karon ba nasa ba. Wani tsohon abokin karatunsa da ke aiki a Kaduna ya karanta saƙon, ya rubuta “biyu ma ba laifi”, ya biyo da 🤝. Mai turka ya rubuta shi a littafi. Ranar kasuwa, azumi na 'yan kwanaki da kamawa, ya sayi ashirin cif, biyu daga ciki bashi a hannun dillali. Da ya nemi kuɗin sai abokin ya ce shi fa yaba tsarin ya yi, hannun kuma na “madalla” ne, albashi bai shigo ba. Dole aka mayar da ragunan biyu kasuwa, mota da la'ada suka ci masa naira 9,000 daga aljihunsa.

Irin wannan saɓani ya taɓa kaiwa kotu a wata ƙasa. A Yunin 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke cewa alamar babban yatsa 👍 da wani manomi ya tura, bayan an aiko masa da hoton takardar cinikin amfanin gona ta waya, ta zama amincewa. Manomin ya ce shi nufinsa ya ga saƙo ne kawai. Alƙali ya duba yadda suka saba ƙulla ciniki a baya da gajerun amsoshi, ya umarce shi ya biya wajen dalar Kanada 82,000 saboda bai kai kayan ba. A can wanda ya tura alamar ne ya biya, a Daura wanda ya karɓe ta. Hukuncin Kanada ba ya ɗaure kowa a nan, amma tushen rigimar ɗaya ne: mutum biyu sun kalli hoto guda, kowa ya karanta abin da ya fi masa.

Tun daga ranar, duk wanda ya amsa masa da hoto sai ya rubuta: “Yaya, in rubuta ka kaso nawa, kuma yaushe za ka zo sa hannu?”

## Afrilu: lokacin da CBEX ta rushe

A watan Afrilu dandalin CBEX, wanda ya yi wa mutane alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rufe da kuɗin jama'a. Fusatattu suka fasa ofishinsa a Ibadan, EFCC ta shiga bincike. Makonni kaɗan kafin nan, a watan Maris, shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari ta 2025, wadda ta haramta irin wannan shiri ƙarara, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara goma. Labarin ya cika rediyo da wayoyi.

Cikin masu jari takwas, biyu suka kira shi a wannan makon. Ɗaya matar wani ɗan'uwansa ce, wadda wata maƙwabciya ta nuna mata tsohon saƙon Janairu mai buhunan kuɗi, wanda har lokacin yana yawo, ta ce mata ai ga irinsu nan. Wata uku bayan aika shi, kuma bayan ya daina amfani da shi, saƙon yana nan yana yi masa aiki a bayan idonsa. Ya ce mata ta zo ko ta aiko yaro. Aka aiko yaro, ya ƙirga masu shuɗin ƙaho goma sha biyu, ya koma. Ba wanda ya janye.

A ƙarshen watan ɗaya daga cikin na masu jari ya mutu da kumburin ciki. Ranar ya tura wa duk takwas ɗin hoto da bayani, kawun ya zo ya gani da idonsa. Rahotonsa na kowace Juma'a ya ci gaba yadda yake tun Maris: buhun dusa nawa aka saya, a nawa, da ɗan gajeren bidiyo.

## Yuni: sakamako

Layya ta kama ranar Juma'a 6 ga Yuni. Raguna goma sha ɗaya na masu jari sun tashi a kan naira 2,760,000. Jarin 2,400,000 ne, riba 360,000. Rabi nasa, rabin kuma da aka raba gida goma sha biyu ya ba kowane kaso naira 15,000. Wato wanda ya saka 200,000 ya karɓi 215,000, kashi bakwai da rabi cikin ɗari a wata uku. Da ya tsaya kan alkawarin ƙarshen Janairu, zai biya 60,000 a kan kowane kaso, jimla 720,000, ninki biyu na duk ribar da aka samu.

An raba kuɗin a zauren kawun. Shida daga cikin takwas sun ce a rubuta su baɗi, biyu sun ce ribar ba ta kai yadda suka zata ba. Da yamma yayarsa ta rubuta masa “na ga alat, Allah ya yi albarka”, ya amsa mata da 🤝. Ba wanda ya ga wani abu a ciki.

## Abin da nake gani

Share emoji bai gyara komai ba, gwajin farkon Fabrairu ya nuna haka. Amma kuma ba zan ce ba su da laifi ba, domin da su aka kira shi ana zargin an sace masa WhatsApp, da babu su kuwa shiru kawai aka yi masa. A ganina abin dubawa shi ne gurbin da kowane hoto ya zauna a ciki. A saƙon Janairu, buhun kuɗi ya zauna inda ya kamata a rubuta adadi, layi mai hawa ya zauna inda ya kamata a nuna lissafin shekarun baya, hannaye biyu suka zauna inda ya kamata a ga sunan mutum da shaidu. Tambayoyi ukun kawun su ne gwajin, kuma mai karatu zai iya yi wa kowane talla da ya shigo wayarsa: rufe hoton da yatsa, ka ga ko jumlar da ta rage ta faɗi nawa, daga ina, da wa.

Ɗan damfara yana son waɗannan alamomi saboda suna yin alkawarin da ba a rubuta ba. Ba ni kaɗai ke ganin haka ba. A Fabrairun 2023 alƙali Victor Marrero na kotun tarayya a New York, a ƙarar da aka shigar da kamfanin Dapper Labs mai sayar da kadarorin dijital, ya ƙi korar ƙarar, kuma cikin dalilansa akwai saƙonnin talla masu ɗauke da roka 🚀 da layi mai hawa 📈 da buhun kuɗi 💰. Kalmar riba ba ta fito a cikinsu ba, amma ya ce waɗannan alamomi ma'ana ɗaya suke da ita, wato samun riba a kan jari. Mai turka na Daura bai yi niyyar yaudara ba, amma ya yi alkawari da hoto wanda littafinsa ba zai iya cikawa ba. Buhu uku-uku, kowanne da tambarin dala a jikinsa, ya ɗora a kan ribar naira 15,000.

Ukun ba nauyinsu ɗaya ba. Buhun kuɗi ya fi muni, kuma ban ga inda yake da amfani a saƙon neman jari ba, ko ga baƙo ko ga ɗan'uwa, domin yana juya hankali daga rago zuwa ninki, kuma mun ga irin mutanen da ya jawo. Layi mai hawa yana da sauƙi in akwai lambobi na gaske a kusa da shi, sai dai shi kullum sama yake yi, ɗan'uwansa mai gangarowa 📉 kuma ba a taɓa gayyatarsa talla, alhali a kasuwar dabbobi duka biyun suna zuwa. Shan hannu matsalarsa lokaci ce. A kasuwa sai mai kaya ya ce ya sallama ake shan hannu. Wanda ya miƙo maka shi a saƙon farko, tare da “yi sauri”, ya tsallake taya da gani da shaida. Bayan an gama kuwa, kamar na ranar rabon kuɗi, gaisuwa ce kawai.

Iyakar wannan gwaji ita ce yana kama talla mara ciki, ba ya kama maƙaryaci mai haƙuri. Akwai masu damfara da ke rubuta saƙo tsaf, da lambobi da takardu, ba emoji ko ɗaya. Shi ya sa a saƙon Fabrairu layin da na fi ba nauyi shi ne na ƙarshe, wanda ya hana turo kuɗi sai an ga garke. Wanda ya liƙa lambarsa a ƙasan saƙon Janairu ba zai iya kwafar wannan ba, domin zai kai mutane bayan wani gida a Daura inda kawu yake zaune. Kuma wannan hanya ta mutum takwas ce da suka san juna. Ranar da mai turka ya so tara kuɗin mutum ɗari biyu da bai sani ba, takardar gaban malam ba za ta ishe shi ba, sai ya nemi lauya ya ji abin da SEC take buƙata kafin ya aika saƙo ko ɗaya.